Dalilin da ya sa fanshon mata ke gaza na maza, da hanyoyin rage tazarar

Mace da namiji na iya shiga aiki rana ɗaya a kamfani ɗaya, su kai shekarun ritaya tare, amma idan aka fara biyan fansho a tarar nata bai wuce rabin nasa ba. Akasari babu wata doka da ta ce a rage wa mace, domin lissafi iri ɗaya ake yi wa kowa. Tazarar tana fitowa ne daga abubuwa biyu da lissafin ya dogara a kansu, wato yawan watannin da aka yi wa mutum zubi da kuma albashin da ya ƙare aiki da shi. Macen da ta dakata da aiki domin haihuwa, reno, jinya ko bin miji wani gari tana yin asara a duka biyun, kuma asarar ɗaya tana ninka ɗayar.

Yadda ake lissafin fansho

A Nijar, ma'aikatan kamfanoni, ƙungiyoyi da makarantu masu zaman kansu suna ƙarƙashin asusun CNSS, su kuwa ma'aikatan gwamnati suna da nasu tsarin dabam. A ɓangaren fansho na CNSS ana cire kashi 5,25 cikin 100 na albashin ma'aikaci kowane wata, mai ba da aiki kuma ya ƙara kashi 6,25. Wannan shi ne zubi. Ba a ajiye wa kowa kuɗinsa a gefe: da zubin masu aiki na yau ake biyan tsofaffin yau. Abin da ma'aikaci ke tarawa shi ne watanni, waɗanda ake rubutawa a kan lambarsa ta rajista.

Idan ya kai shekara 60 ya bar aiki, ana duba abubuwa uku. Na farko, ko watanninsa sun kai 180, wato shekara 15. Na biyu, matsakaicin albashinsa na shekarun ƙarshe, uku ko biyar, duk wanda ya fi masa amfani. Na uku, jimillar shekarun da aka yi masa zubi, domin kowace shekara tana ba shi wani kaso na wannan matsakaicin albashi. Fansho shi ne wannan kaso idan aka tara shi aka fitar da shi daga albashin.

A taƙaice, shekaru ake ninkawa da albashi. Duk abin da ya rage ɗaya daga ciki ya rage fansho, abin da ya rage duka biyun kuwa ya rage shi sau biyu.

Misali da alƙaluma

A ɗauki ma'aikata biyu a wani kamfani na Maraɗi, mace da namiji, masu takardar shaidar karatu iri ɗaya, da suka fara aiki suna da shekara 25. Domin lissafi ya yi sauƙi, a ɗauka kowace shekarar zubi tana ba da kashi 2 cikin 100.

Namijin ya yi shekara 35 yana aiki ba yankewa. Ya samu ƙarin girma sau da dama, matsakaicin albashinsa na ƙarshe ya kai jika 250. Shekara 35 sau 2 ya ba da kashi 70, saboda haka fanshonsa jika 175 ne a wata.

Macen ta yi aiki shekara huɗu, sannan ta zauna gida shekara shida tana renon yara uku da suka zo kusa da juna. Ta koma aiki, daga baya aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Tawa, ta bi shi, ta yi shekara huɗu kafin ta samu wani aikin. Shekarunta na zubi sun zama 25. Duk lokacin da ta dawo, daga matakin da ta bari take ci gaba, ko ma ƙasa da shi, alhali sa'o'inta sun yi gaba. Ta ƙare aiki da matsakaicin albashi na jika 180. Shekara 25 sau 2 ya ba da kashi 50, fanshonta ya zama jika 90.

A lura da yadda tazarar ta girma. Albashinta na ƙarshe ya gaza nasa da kashi 28 cikin 100. Shekarunta sun gaza nasa da wajen kashi 29. Amma fanshonta ya gaza nasa da kusan kashi 49, wato kusan rabi. Lokacin da suke aiki tare bambancinsu jika 70 ne a wata. Bayan ritaya ya koma jika 85, a kan kuɗin da ya riga ya ragu. Wannan ne ya sa tazarar fansho tsakanin maza da mata take fin tazarar albashi a ƙasashe da yawa.

Inda shekarun ke zubewa

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14. A cikin wannan hutu kwantaraginta bai yanke ba, tana nan a matsayin ma'aikaciyar kamfanin. Saboda haka ba hutun haihuwa ne ke cin shekaru ba. Abin da ke biyo bayansa ne: jariri ɗan wata biyu, babu mai reno amintacce, babu wurin ajiye yara kusa da wurin aiki, sai ta ajiye aikin da niyyar dawowa bayan yaye. Kafin yaye wani cikin ya samu.

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwa a Nijar ya kai yara 7,6 ga kowace mace, na 2021 kuma ya nuna 6,2. Matan birni masu aikin albashi sukan haihu ƙasa da haka, amma ko da yara huɗu ne, idan kowane ya ci shekara biyu na aiki, shekara takwas sun tafi. Ga jinyar tsofaffi da marasa lafiya na gida, wadda ita ma galibi a kan mata take faɗawa, kuma takan zo ne a daidai shekarun ƙarshe na aiki, waɗanda da su ake fitar da matsakaicin albashi. Macen da ta koma aikin rabin yini tana da shekara 55 domin ta kula da mahaifiyarta ta rage albashin da za a yi mata lissafin dukan rayuwarta da shi.

Akwai kuma shekarun da aka yi aiki amma ba a rubuta ba. Ayyukan da mata suka fi yawa a ciki, kamar koyarwa a ƙananan makarantu masu zaman kansu, tsaron kanti, aiki a ƙananan asibitoci da aikatau a gidaje, su ne ake yawan biya hannu da hannu ba tare da an yi wa ma'aikaci rajista ba. Wani mai ba da aiki yakan yi rajistar amma ya bayyana albashin da bai kai na gaskiya ba, domin ya rage abin da zai zuba. Ma'aikaciyar da ke karɓar jika 120 amma aka rubuta mata jika 60, da jika 60 za a yi mata lissafi. A wurin asusu, watan da ba a yi zubi ba daidai yake da watan da aka zauna gida.

Wani abin kuma shi ne tsufan albashi. Macen da ta bar aiki kwata-kwata tana da shekara 42, bayan ta cika shekara 15 na zubi, sai ta kai shekarun ritaya za ta fara karɓa. Shekarunta na ƙarshe na aiki a lokacin sun yi shekara 18 da wucewa. Idan ba a sabunta tsohon albashin ba wajen lissafi, za ta karɓi kaso na kuɗin da a lokacinsa yake sayen buhun hatsi da yawa, yau kuwa ba ya saye.

Shingen wata 180

Mafi munin asara tana bakin wannan shinge. Wanda ya kai shekarun ritaya ba tare da wata 180 ba, ba ya samun fansho na wata-wata. Ana ba shi kuɗi ne a dunƙule sau ɗaya, daga nan babu sauran haƙƙi. Namijin da ya yi aiki ba yankewa yakan wuce shingen tun yana ɗan shekara 40. Mace mai yanke-yanke ita ce ke iya tsayawa dab da shi.

A koma ga macen misalin nan, a ɗauka shekara 11 daga cikin aikinta an yi su ne a wuraren da ba a yi mata zubi ba. Saura shekara 14, wato wata 168. Idan aka lissafa mata albashin wata ɗaya ga kowace shekara, za ta karɓi jika 180 sau 14, wato miliyan 2 da jika 520, sau ɗaya tak. Da ta samu ƙarin wata 12 kawai, da ta cika shekara 15, ta samu kashi 30 na jika 180, wato jika 54 kowane wata har ƙarshen rayuwarta. Cikin shekara huɗu wannan fansho zai kai kuɗin dunƙulen. Idan ta rayu shekara 15 bayan ritaya, jimillarsa miliyan 9 ne da jika 720. Wata 12 ne suka raba waɗannan sakamako biyu.

Kuɗin dunƙule kuma ba ya daɗewa a hannu. Ranar da dangi suka ji an biya, ga auren ɗiya, ga gyaran ɗaki, ga bashi, ga mai neman jari. Fanshon wata-wata, ko da kaɗan ne, ba ya ƙarewa a biki ɗaya.

Dogaro da fanshon miji

Da yawa na ganin cewa ko mace ba ta da nata fansho, na mijinta zai riƙe ta. Lissafi bai goyi bayan haka sosai ba. Idan mai fansho ya rasu, CNSS tana biyan matar da ya bari rabin fanshonsa. Idan matan sun fi ɗaya, wannan rabin ake raba musu daidai. A misalin da ya gabata, namijin mai jika 175 idan ya rasu ya bar mace ɗaya, za ta samu jika 87 da rabi. Idan mata uku ne, kowace ba za ta kai jika 30 ba.

Wannan haƙƙi yana rataye ne da igiyar aure. Macen da ta bar aiki ta yi shekara 20 tana riƙe gida, sannan aka sake ta, ba ta cikin masu rabon idan tsohon mijin ya rasu, ko da a shekarun zamanta ne ya tara mafi yawan watanninsa. Wadda mijinta ya rasu ta sake aure ita ma fanshon yana tsayawa. Sannan asusu da takarda yake aiki: auren da aka ɗaura amma ba a rubuta shi a ma'aikatar magajin gari ba yakan jawo dogon jira da zirga-zirga zuwa kotu a lokacin da mace take cikin takaba.

Abin da ma'aikaciya za ta iya yi

Mataki na farko shi ne sanin adadin watanninta tun da sauran lokaci. Duk wadda ake cire wa kuɗi a albashi ya kamata ta san lambarta ta rajista, ta je ofishin CNSS na jiharta ta nemi a nuna mata watannin da aka rubuta mata da albashin da aka bayyana, ta gwada su da takardun albashinta. Alamun matsala a bayyane suke: ana cire kuɗi amma babu lambar rajista a takardar albashi, ko akwai shekarun da ta yi aiki amma ba su fito ba, ko albashin da ke rubuce ya gaza wanda take karɓa. Gyara yana da sauƙi idan kamfanin yana nan yana aiki. Idan ya rufe shekara goma da suka wuce, takardun albashi da takardar shaidar aiki ne kaɗai hujjarta, shi ya sa ba a zubar da su. Idan mai ba da aiki ya ƙi gyarawa, ofishin sufeton aiki ne wurin kai ƙara.

Na biyu shi ne riƙe lamba ɗaya. Macen da ta canza wurin aiki ko gari ta ba sabon mai ba da aiki tsohuwar lambarta. Idan aka buɗe mata sabuwa, ko aka rubuta sunanta da ranar haihuwarta dabam da na farko, watanninta na iya rabuwa gida biyu, kowane ya gaza shingen.

Na uku shi ne zubi na ganin dama. Wanda ya taɓa zama ma'aikaci mai rajista sannan ya bar aiki yana iya neman ci gaba da zubi da kansa, ya biya kasonsa da na mai ba da aiki, wato kashi 11,5. Neman yana da wa'adi, saboda haka ana yin sa ne da zarar an bar aiki. A kan albashin jika 180, zubin ya kama jika 20 da dala 140 a wata, wajen jika 248 a shekara. Ga macen da ke da wata 168, wannan shekara ɗaya ita ce za ta mayar da kuɗin dunƙule ya koma jika 54 a wata. Ga wadda ta riga ta wuce shingen, ribar ta fi ƙanƙanta: kowace shekara tana ƙara mata jika 3 da dala 120 ne a wata, sai bayan kusan shekara shida da ritaya kuɗin zai dawo. Iyakar wannan hanya ita ce mai zaman gida ba ta da albashin da za ta biya da shi. Inda aka yi shawarar ajiye aikin tare da miji domin amfanin gida, zubin yana iya shiga cikin kuɗin gida kamar kuɗin makarantar yara.

Na huɗu shi ne kula da shekarun ƙarshe. Idan dole ne a rage aiki, rage shi da wuri sannan a koma cikakken aiki ya fi sauƙin asara a kan rage shi dab da ritaya, tunda da albashin ƙarshe ake lissafi.

Abin da doka za ta iya gyarawa

Ƙasashe da dama sun zaɓi su ƙirga reno a matsayin lokacin zubi. A Faransa, a tsarin ma'aikatan kamfanoni, kowane yaro yana ba da ƙarin shekara biyu: ɗaya ta haihuwa wadda ta uwa ce, ɗaya ta reno wadda iyaye ke iya rabawa. Tun 1972 kuma asusun tallafin iyali na ƙasar yana biyan zubin fansho a madadin wasu iyayen da suka zauna gida. A Jamus, yaron da aka haifa daga 1992 yana ba wanda ya rene shi shekara uku, kamar ya yi aiki a kan matsakaicin albashin ƙasa. Jamus ta kuma tanadi, tun 1977, cewa idan aure ya mutu ana raba haƙƙin fanshon da aka tara a lokacin auren tsakanin miji da mata.

Ana iya auna ƙarfin irin wannan gyara da misalin Maraɗi. Idan aka ba macen shekara ɗaya ga kowane yaro, kuma yaranta biyar ne, shekarunta sun koma 30, fanshonta ya tashi daga jika 90 zuwa jika 108, tazarar ta sauka daga kashi 49 zuwa 38. Ko da an mayar mata da shekara goman gaba ɗaya, jika 126 za ta samu, tazarar kashi 28 tana nan, domin ƙarin shekaru ba ya dawo da ƙarin girman da ya wuce ta. Faransa kanta shaida ce: duk da waɗannan tanade-tanade, fanshon da mata suka tara da kansu yana gaza na maza da kusan kashi 40 cikin 100, kuma ko an haɗa da abin da matan mamata ke karɓa tazarar ba ta ɓacewa.

Inda ƙarin shekaru ya fi tasiri shi ne bakin shinge. Ga mai wata 168, shekara ɗaya ta yaro ɗaya ta isa ta ba ta fansho na har abada. Amma kowace shekarar da aka ba da kyauta wani ne zai biya ta, ko baitulmali ko masu zubi. A ƙasar da haihuwa ke da yawa kamar Nijar, irin wannan doka tana buƙatar iyaka a kan yawan yara ko yawan shekaru, in ba haka ba asusun ba zai ɗauka ba. Sauran rabin tazarar, wato na albashi, a wurin aiki ake gyara shi: wuraren renon yara kusa da ma'aikatu, dawo da mace a matakinta bayan hutu, biya ɗaya ga aiki ɗaya, da tilasta wa masu ba da aiki yin rajista.

Matan da asusun bai san da su ba

Duk wannan lissafi ya shafi mata masu albashi ne, kuma su ne ƴan kaɗan. Mai sayar da ƙuli-ƙuli a Damagaram, mai tuyar ƙosai a Yamai da mai noman rani a karkara suna aiki tun ƙuruciya har tsufa ba tare da wata ɗaya a rubuce ba. Adashe da ƙungiyoyin ajiya irin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991, suna taimakawa wajen jari da biyan buƙata, amma kuɗinsu na zagayawa ne cikin watanni ko shekara, ba a gina su domin riƙe mutum shekara 15 na tsufa ba.

Hanyoyi biyu aka gwada a Afirka. Ɗaya ita ce buɗe asusun fansho ga masu sana'ar kansu, su zuba abin da suka iya a lokacin da suka samu, kamar yadda Ruwanda ta fara a 2018, Najeriya kuma a 2019. Rauninta shi ne mai ƙaramin samu ƙaramin zubi take yi, sai tazarar samu ta sake komawa tazarar fansho. Ɗayar ita ce fanshon tsufa daga baitulmali, wanda ba ya tambayar ko mutum ya taɓa zubi: Botsuwana ta fara biyansa a 1996 ga masu shekara 65, Lesoto kuma a 2004 ga masu shekara 70. Kuɗin ba shi da yawa, kuma nauyinsa a kan kasafin ƙasa yake, amma a irin wannan tsari ne kaɗai shekarun da mace ta yi tana reno ba sa rage mata ko dala.